Safar Hannu Ba Ta Ɗauke Wa Mutum Wanke Hannu

Kwanan baya, gab da faɗuwar damina, aka tara mataimakan ma'aikatan jinya daga ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, domin a koya musu yadda za su kare kansu da marasa lafiya daga kamuwa da cuta a cikin asibiti. Su ne waɗanda mutanen karkara suka fi sani da suna atanda. Su ke gyara gado, su kwashe fo, su goge amai, su riƙe yaro a yi masa allura. Wata tsohuwar malamar jinya, wadda kowa ke kira Sista, ita ce ta ba da darasin. Ga jawabin nata an kawo wa masu karatu, domin duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya san rabin wannan aiki a hannun 'yan'uwan marar lafiya yake.

Bayan sallama, Sista ta ce ba za ta yi magana a kan dukkan cututtuka ba. Ta zaɓi guda ɗaya, wato kwalara, wadda ake kira amai da gudawa, domin ita ce baƙuwar da damina ke kawowa. Ta tuna musu da shekarar 2021, lokacin da aka ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohin da abin ya taɓa. Ta tuna musu da ambaliyar da ta ci garin Gummi a watan Agusta na 2024. Ta ce a duk inda ruwa ya yi irin wannan ɓarna, masai da rijiya sukan zama abu ɗaya. A daminar 2025 kuma kwalara ta ɓulla a ƙauyukan Bukkuyum, inda rashin tsaro ya hana wasu isa asibiti da wuri.

Ta ce, "'Ya'yana, wanda aka kawo muku a makare, shi ne wanda gudawa ta fi zubo masa. Ku ne kuma za ku fara taɓa shi, tun kafin likita ya iso."

Ta wace ƙofa cutar ke shiga?

Sista ta tambaye su ta inda kwalara ke shiga jikin mutum. Wani saurayi ya ce ta iska, shi ya sa yake sa takunkumi. Ta ce a'a. Ƙwayar kwalara ba ta tashi a iska, ba ta kuma huda fata. Tana fita ne cikin bayan gida da aman marar lafiya, kuma ƙofa ɗaya gare ta, wato baki. Ko dai ta bi ruwa, ko ta bi abinci, ko ta hau hannu. A cikin ɗakin jinya hannu ne jakinta.

Ta ce wanda ya haɗiye ta yana iya fara gudawa cikin 'yan awoyi, yana kuma iya kaiwa kwana 5. Abin da ya fi ban tsoro shi ne, mafi yawan waɗanda suka haɗiye ta ba sa kwanciya ko kaɗan, amma suna fitar da ita a bayan gidansu na wasu kwanaki. Saboda haka ma'aikaciya tana iya tashi daga aiki garau, ta kai wa 'ya'yanta cutar har gida, ba ta sani ba.

Daga nan ta kawo musu wani tsohon labari a taƙaice. A shekarar 1847, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Semmelweis ya ga mata masu jego suna ta mutuwa da zazzaɓi a ɗakin haihuwa. Ya lura likitoci na fitowa daga ɗakin gawa su taɓa matan. Sai ya sa doka kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya shiga. A watan Afrilu na shekarar mata kimanin 18 cikin 100 ne suka mutu. Bayan dokar, adadin ya faɗo ƙasa da 3 cikin 100. Ba a sake magani ba, ba a sake gini ba. Hannu kaɗai aka wanke.

Dare ɗaya, gado biyu

Sista ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da lokuta 5 na tsabtace hannu a shekarar 2009, kuma ta san an liƙa hotonsu a bangon asibitoci da yawa. Amma ta ce hoton bango ba ya shiga kai. Gara su bi ta cikin aikin dare ɗaya, su gani da idonsu.

Ta sa aka jera benci biyu a matsayin gado. Ta ce a ɗauka a gado na farko akwai yaro ɗan shekara 6 da aka kawo da magariba, yana gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa. A gado na biyu akwai wata yarinya da ta fara samun sauƙi, an cire mata ƙarin ruwa, tana shan ruwan gishiri da sukari. Mataimakiya ɗaya ce ke kula da su. Ta kira wata budurwa daga Gummi ta fito ta zama wannan mataimakiya.

Kafin budurwar ta sa safar hannu, Sista ta ce ta tsaya. Ta fara tsabtace hannu tukuna. Wannan shi ne lokaci na farko, wato kafin a taɓa marar lafiya. Dalili kuwa, hannun ya riga ya taɓa ƙofa da waya da kuɗi, kuma in an cusa shi haka cikin kwalin safa, ya ɓata safar da za a sa, ya ɓata sauran da ke cikin kwalin.

Budurwar ta sa safa, ta yi kamar tana juya yaron, tana goge masa jiki, tana janye bokitin da ke ƙarƙashin gado. A nan Sista ta ɗauko garin bula ta barbaɗa mata a tafin safar, ta ce wannan shi ne gudawar da ta taɓa. Sai ta ɗaga murya kamar uwar yarinyar gado na biyu, ta ce, "Nas, taimaka mana, ta farka tana neman ruwa!"

Budurwar ta juya da sauri, ta ɗauki kofi, ta ɗauki cokali, ta tallafo kan yarinyar. Aka ce kowa ya matso ya duba. Ga shuɗi a hannun kofi, ga shi a bakin kofi, ga shi a cokali, har da gefen hijabinta inda ta gyara shi. Ɗakin ya yi tsit.

Sista ta ce kada kowa ya yi mata dariya, domin abin da ta yi shi ne abin da tausayi ke sa mutum ya yi. Hannunta na cikin safa, ita kam ta tsira. Amma safar ta ɗauki cutar gado na farko ta kai ta bakin yarinyar da ta kusa komawa gida. Ta ce ta sha ganin ma'aikaci ya sa safa ɗaya tun safe, ya taɓa mutum goma da ita, ya rubuta kati da ita, ya amsa waya da ita, yana ganin ya fi kowa tsabta. Irin wannan, in ji ta, gara wanda bai sa safa ba amma yana wanke hannu.

Sai aka sake wasan daga farko. Wannan karon, da budurwar ta gama da bokiti, ta cire safa ta jefa a kwandon shara, ta wanke hannu da sabulu. Wannan wanki ya haɗa lokuta biyu: bayan taɓa abin da ya fita daga jikin mutum, da bayan taɓa marar lafiyan kansa. Kuma da yake ba ta taɓa komai ba a tsakani, shi ne ya zame mata tsabtar da ake so kafin aiki mai tsabta, kamar ba da ruwan sha, ko taɓa bakin allurar ƙarin ruwa, ko wankin miki. Ta ba yarinyar ruwa da hannu ba safa, domin ba da ruwa ba ya bukatar safa. Da ta gama, ta sake tsabtace hannu.

Saura lokaci na biyar, wanda Sista ta ce shi aka fi mantawa. Ta sa budurwar ta koma gado na farko ta gyara zanen gado kawai, ta matsar da buta, ba ta taɓa yaron ba. Ta tambaya ko akwai wanki a nan. Da yawa suka ce babu. Ta ce akwai. Ƙarfen gado da zane da buta da tabarmar mai zaman jinya, duk na yaron ne, duk abin da ke jikinsa yana jikinsu. Wanda ya taɓa kayan marar lafiya kamar ya taɓa marar lafiya ne.

Wata ta ce, "Sista, in aka bi wannan, ai mutum zai kwana a bakin famfo." Sista ta yi murmushi ta ce shi ya sa ba a ajiye wurin wanke hannu a bayan ɗaki. A sa bokiti mai famfo a bakin ƙofa, a sa wani a tsakiyar ɗaki, a sa wani a bakin masai. Ta ce abin da ke nesa ba a yin sa da ƙarfe uku na dare. Ta kuma ba su dabara: a tsara aiki, a fara da mai tsabta a ƙare da mai ƙazanta. A zaga a ba da ruwa da magani tukuna, sa'an nan a dawo kan bokitai. In ma'aikata biyu ne, ɗaya ya riƙe bokiti, ɗaya ya riƙe kofi, kada su yi musanya.

Yadda ake wankin

Sista ta tuɓe agogonta da zobenta ta ajiye. Ta ce zobe da awarwaro da agogo da dogon farce duk maɓoyar ƙwayar cuta ne, a bar su a gida. Hannun riga kuma a naɗe shi zuwa gwiwar hannu.

Ta buɗe famfon bokiti ta jiƙa hannu, ta shafa sabulu har ya yi kumfa. Ta cuɗa tafi da tafi. Ta ɗora tafin dama a bayan hagu ta cusa yatsu a tsakanin yatsu, ta juya ta yi wa ɗayan. Ta sarƙe yatsu ta cuɗa tsakaninsu. Ta kama babban yatsa ta murza shi, wannan da wancan. Sa'an nan ta haɗa kan yatsunta ta goga su a tsakiyar tafi, domin abin da ke ƙarƙashin farce ya fita. Ta ɗauraye a ƙarƙashin ruwa mai zuba, ta rufe famfo da gwiwar hannu. Duka aikin, in ji ta, daƙiƙa 40 zuwa 60 ne. Wanda ba shi da agogo ya ƙirga daga 1 zuwa 40 a hankali cikin zuciyarsa.

Ta ce babban yatsa da kan yatsu su ne aka fi tsallakewa, alhali kuwa da su ake ɗaukar komai. Ta kuma yi gargaɗi a kan abu uku da ke ɓata wankin bayan an gama shi. Na farko tawul ɗaya da aka rataya kowa na goge hannu da shi. In babu takardar goge hannu, a yarfe hannu a bar shi ya bushe a iska, kada a goge a jikin riga. Na biyu sabulun da ke kwance cikin ruwa a kwano. A huda ƙasan mazubinsa ruwa ya riƙa tsiyayewa. Na uku kwano ɗaya da mutane ke tsoma hannu bi da bi, kamar yadda ake yi kafin cin tuwo. Na ƙarshe a layi da dauɗar kowa yake wanka. Ruwa sai mai zuba, ko da daga buta ne wani ya zuba wa wani.

Wani dattijo daga Bukkuyum ya ce shi yana alwala sau biyar, ko wannan bai isa ba? Sista ta ce, "Baba, alwala tana nan a matsayinta. Amma babu sabulu a cikinta, kuma butar da ka ɗauka wataƙila an shiga masai da ita. Ka wanke hannu da sabulu, sa'an nan ka yi alwalarka."

Game da ruwan shafawa na kwalba, wanda ya yawaita tun zamanin korona, ta ce yana da kyau ƙwarai, yana kashe ƙwayar kwalara, ya kuma fi sauri. A zuba cikin tafi, a bi duk wuraren nan da aka bi da sabulu, a yi ta murzawa har ya bushe, daƙiƙa 20 zuwa 30. In ya bushe tun ba a kai 10 ba, abin da aka zuba ya yi kaɗan. Amma yana da iyaka. In ido na ganin ƙazanta a hannu, ko jini, ko amai, ba ya aiki. Sai sabulu da ruwa.

A nan ta ɗan ratse hanya saboda mutanen Anka da Bukkuyum. Ta ce ba wanda ya manta da shekarar 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dalma ba ƙwayar cuta ba ce, ƙura ce. Ba ta da rai, balle a kashe ta. Ruwan shafawa ba ya kawar da ita, kulorin ma haka. In an kawo yaro daga gidan da ake niƙan dutse, abin da ke fitar da ƙurar daga hannu shi ne sabulu da ruwa mai zuba.

Ɗaya, huɗu, arba'in

Daga nan aka shigo da jarka uku masu cin lita 20, da gwangwanin garin kulorin wanda ake rubuta HTH a jikinsa, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin 100. Sista ta ce a ɗakin kwalara ruwan kulorin iri uku ne, kuma rikita su na iya jawo ɓarna.

Mai sauƙi shi ne na wanke hannu. Ana zuba cokali 1 na garin a jarka guda. Cokalin da ake nufi babban cokalin cin abinci ne, a shafe bakinsa, ba tozo, wato kimanin giram 15. A jikin jarkar a rubuta 0.05%. Matsakaici shi ne na goge ƙasa da gado da jiƙa tufafi da zannuwa. Shi cokali 4 ne a jarka, a rubuta masa 0.2%. Mai ƙarfi shi ne na bayan gida da amai da gawa. Shi cokali 40 ne a jarka, a rubuta masa 2%. Ta sa suka yi ta maimaitawa: ɗaya na hannu, huɗu na ƙasa, arba'in na bokiti.

Ta ce wannan awo na garin nan ne kaɗai. Ruwan bilic na kwalba da ake saya a kanti bai kai shi ƙarfi ba ko kusa, saboda haka awonsa dabam ne, sai a duba lambar da ke jikin kwalbar a tambayi shugabar ɗaki kafin a haɗa.

In za a haɗa, a fita waje inda iska ke kaɗawa, a sa safar roba mai kauri da takunkumi da tabarau. A zuba garin a cikin ruwa, a motsa, a bari farin gari ya kwanta, a yi amfani da ruwan sama. Mazubi ya zama na roba mai murfi, domin kulorin na cin ƙarfe, rana kuma tana kashe masa ƙarfi. Kada a gauraya shi da omo ko wani maganin wanke masai. Mai sauƙi da matsakaici a zubar da ragowarsu a haɗa sabo kowace safiya. Mai ƙarfi yana iya kaiwa mako guda in yana rufe a inuwa. A rubuta ranar da aka haɗa a jikin kowace jarka.

Yaya za a gane an yi kuskure? Ta ce in aka buɗe gwangwani ba a ji warin nan mai hawa kai ba, ko garin ya sha danshi ya dunƙule, to ƙarfinsa ya ragu, a kai rahoto. In kuwa mutum ya wanke hannu ya ji zafi, ido na yaji, fata na santsi, to an zuba na ƙasa ko na bokiti a wurin na hannu. A ɗauraye da ruwa mai yawa nan take, a sake haɗi. Ta ce ko mai sauƙin ma, in an daɗe ana amfani da shi yana busar da fata har ta tsage, hannu mai tsaguwa kuwa ya fi riƙe ƙwayar cuta. Don haka muddin akwai sabulu da wadataccen ruwa, su ne na farko. Bayan an tashi aiki a shafa mai, ko man kaɗanya ne.

Sai ta koma kan bokitin yaron nan na gado na farko. Kafin a tura bokiti ƙarƙashin ramin gado, a zuba masa ruwa mai ƙarfi kaɗan, ya rufe gindinsa kamar kaurin yatsa. Kada a jira ya cika. Tun bai kai rabi ba a janye shi, a ƙara ruwa mai ƙarfi, a bar shi minti 15, sa'an nan a juye a ramin da aka keɓe. Bokitin da ya cika shi ke fantsama a ƙafa da fuska. Zanen da ya ɓaci kuma kada a ba uwa ta tafi da shi rafi ko bakin rijiya. A jiƙa shi a matsakaici kamar minti 10, a wanke da sabulu, a shanya a rana.

Ta yi musu wani ɗan lissafi wanda ya sa shugabannin da ke wurin suka gyara zama. A wurin jinyar kwalara ana ƙiyasta lita 60 na ruwa ga kowane marar lafiya a rana. Ɗaki mai gado 10 ke nan yana cin lita 600, wato jarka 30, kura uku ke nan mai jarka goma-goma, kowace rana. Ta ce in ba a tanadi wannan ruwa ba, kada a zo ana faɗa da atanda cewa ba ya wanke hannu.

Abin da za a sa, da yadda za a cire

Sista ta ce kayan kariya ba ado ba ne, aiki ke faɗin abin da za a sa. Wanda zai kwashe bokiti ko ya goge ƙasa, ya sa takalmin roba mai tsawo, da rigar leda ta gaba, da safar roba mai kauri wadda ke kaiwa gwiwar hannu. Siririyar safa ta duba marar lafiya ba ta wannan aiki ba ce, tana yagewa. Ita ta taɓa jikin da ya ɓaci ce, ko jini, ko miki. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, sai a jefar. Ba a wanke ta a shanya, ba a shafa mata ruwan shafawa a wuce gado na gaba. Mai kaurin ce kaɗai ake wankewa da sabulu, a tsoma a matsakaici, a shanya ta a juye.

Takunkumi kuwa, ta ce ba shi ne garkuwar kwalara ba, sai dai in ana tsoron fantsama a fuska. Wurinsa shi ne cututtukan da ke fitowa da tari da atishawa, kamar sanƙarau da mashaƙo da ƙyanda da tarin fuka. In an sa shi, ya rufe hanci da baki har haɓa. Wanda ya sauke shi wuya ya sake ɗagawa ya kwaso abin da ke wajensa ya kai bakinsa. In ya jiƙe, a sake wani.

Ta ƙara da gargaɗi ɗaya ga masu aikin ɗakin haihuwa. A watan Janairu na 2020 zazzaɓin Lasa ya kashe likitoci biyu a Kano, bayan sun yi aiki a kan marar lafiyar da ba a san tana ɗauke da cutar ba. Saboda haka duk inda jini zai iya fallatsa, a sa riga da takunkumi da tabarau da safa ga kowace mace, ba sai wadda ake zargi ba.

Wajen sawa, ta ce ba wuya: a wanke hannu, a sa riga, a sa takunkumi, a sa tabarau, safa ita ce ta ƙarshe, ta hau kan bakin hannun riga. Wajen cirewa ne mutane ke kamuwa, domin a lokacin an gaji, zufa na zuba, kowa na son ya sha iska. Ƙa'idar ita ce a fara da abin da ya fi ƙazanta, kuma hannu tsirara kada ya taɓa gaban komai.

Ta sa safa ta nuna musu. Da yatsun dama ta tsunkuli safar hagu ta waje, daidai wuyan hannu, ba ta taɓa fata ba. Ta janye ta, ta fito a juye, ta dunƙule ta a tafin dama. Sai ta zura yatsu biyu na hagu ta ƙarƙashin bakin safar dama, ta ciki inda ba ƙazanta, ta janyo ta ta rufe ta farkon. Safa biyu suka zama ƙulli ɗaya, dattin na ciki. Ta jefa a kwando. Rigar leda kuma ta kwance ta ta baya, ta naɗe ta gabanta na ciki. Ta wanke hannu. Sa'an nan ta cire tabarau da takunkumi ta igiyoyinsu na baya. Ta sake wanke hannu.

Wata ta tambayi dalilin wanki bayan cire safa, tunda hannun a rufe yake. Sista ta ce dalili biyu ne. Safa na iya samun ƙaramin huji da ido ba ya gani. Kuma ko gwani ne, wani lokaci yatsa na goga waje yayin cirewa.

Ga mata ta ce hijabi mai tsawo yana share gado yana leƙa bokiti in an sunkuya. A sa ƙarami a cusa bakinsa cikin riga. Kayan aiki kuma a tuɓe su a asibiti, kada a goya yaro da su. Mai shayarwa ta wanke hannu har gwiwa ta sake riga kafin ta karɓi jaririnta. Kuma ba cin goro, ba gyaɗa, ba shan ruwan leda a cikin ɗakin kwalara, domin nan ne hannu ke zuwa baki mutum bai lura ba.

Masu zaman jinya ma ta ce a koya musu tun daren farko, da daɗin baki, ba da tsawa ba. Mutum ɗaya ya isa ga kowane gado. A nuna wa uwa bokitin hannu, a tsaya ta wanke a gabanka sau ɗaya. A gaya mata ta wanke bayan ta yi wa yaro tsarki, da kafin ta ba shi ruwa, da kafin ita kanta ta ci abinci. Kofin yaro nasa ne shi kaɗai, ba a ara wa gadon maƙwabta. Masu zuwa dubiya a ba su haƙuri su tsaya daga waje.

Da aka dawo daga salla, sai aka raba wa kowa safa, aka barbaɗa musu bula, aka ce kowa ya cire a gaban ɗan'uwansa. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana duba wuyan hannu da kan yatsu. Duk wanda aka ga shuɗi a fatarsa sai ya koma bayan layi ya karɓi wata safar. Dattijon nan na Bukkuyum sai a karo na uku ya fita ba tabo, aka yi masa tafi. Bayan haka aka kasa su gida uku, kowane rukuni da jarkarsa da cokalinsa, suka fita gindin bishiya haɗa ruwan kulorin, Sista na tsaye tana ƙirga cokali tare da masu arba'in.